Shafin gidan abinci a taswirar Google: abin da za a duba duk bayan wata uku

"Malam, barka da aiki. Ina da gidan abinci a Kaduna. Wani yaro da ya taɓa yi mana aiki ne ya sa mu a taswirar Google shekara biyu da suka wuce, tun daga nan ban ƙara bi ta kai ba. Kwanan baya wani ya zo yana faɗa, wai Google ta ce masa a buɗe muke, ya sha hanya ya tarar da ƙofa a rufe. An ce in riƙa dubawa duk wata uku. To me zan duba, kuma ta ina zan fara?"

Barka kadai, Hajiya. Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne, shafin nan ba ke kaɗai kike rubutu a cikinsa ba. Duk wanda ya buɗe Google Maps yana iya danna "Suggest an edit" ya ce lambar wayarki ba daidai ba ce, ko kin canza lokacin buɗewa, ko ma kin rufe gaba ɗaya. Google kan auna maganar, in ta gamsu sai ta sauya. Ita kanta tana tattaro bayanai daga wasu wurare ta zuba. Masu cin abinci suna ɗora hotuna, suna rubuta ra'ayinsu. A ɗaya gefen kuma kasuwarki ba ta tsaya wuri ɗaya ba: farashi ya tashi, ma'aikata sun sauya, wataƙila layin waya ma ya sauya. Saboda haka shafin da aka bari shekara biyu ba yadda aka bar shi za a same shi ba.

Wata uku ɗin ma akwai dalilinsa. Alƙaluman da Google ke nuna wa mai shafi, na yawan waɗanda suka kira ko suka nemi hanya, kusan wata shida baya kawai suke kaiwa, wanda ya wuce haka ya tafi. Sanarwar da aka ɗora a shafin ita ma bayan wata shida ake ture ta gefe. In kina zama sau huɗu a shekara, a farkon Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, babu abin da zai ɓace miki kafin ki gan shi. Zaman farko zai ci miki yini ko fiye, tunda aiki ya taru. Na bayansa awa ɗaya ta isa.

Ni ba na bin jerin yadda aka tsara shi a allon waya. Ina farawa da abin da in ya lalace kwastoma zai sha wahala a banza, sannan in gangaro zuwa abin ado. Amma ke akwai wani mataki da ya riga duk wannan.

Wa ke riƙe da makullin?

Kin ce yaro ne ya buɗe. Ina kyautata zaton da imel ɗinsa ya buɗe, kuma in haka ne, a wurin Google shi ne mai gidan abincin, ke baƙuwa ce. Gwajin ba wuya. Ki shiga da adireshin Gmail naki a waya, ki rubuta sunan gidan abincin ko ki rubuta "my business" a wurin bincike. In ke ce mai shi, za ki ga wasu maɓallai sun bayyana, irin su "Edit profile" da "Read reviews" da "Performance". In ba su fito ba, shafin yana hannun wani. Kada ki ɓata lokaci neman tsohuwar manhajar Google My Business da wasu ke ambata. An sauya wa tsarin suna zuwa Google Business Profile a ƙarshen 2021, aka janye manhajar a 2022. Yanzu daga cikin bincike ko taswira ake yin komai.

Idan kun rabu da yaron lafiya, ki kira shi ku zauna. Zai shiga "Business Profile settings", sannan "People and access", ya ƙara imel ɗinki a matsayin "Owner". Ki amsa gayyatar. A nan akwai jira: Google ba ta barin sabon mai shafi ya cire wasu ko ya taɓa wasu manyan abubuwa sai ya kwana bakwai. Daga nan sai a mayar da ke "Primary owner", shi kuma a sauke shi ko a cire shi. Mutane da yawa suna tsayawa a rabin hanya, a ƙara su kawai su tafi da murna, alhali babban makullin yana aljihun wanda ya bar aiki.

In kuwa ba a san inda yake ba, ko ya ƙi, ki shiga business.google.com/add, ki rubuta sunan wurin, ki nemi a ba ki iko. Za a aika masa saƙo, yana da kwana uku ya amsa. In ya yi shiru, sau da yawa ana buɗe miki hanyar karɓa ta hanyar tantancewa, wadda yanzu galibi bidiyo ce: ki ɗauki titi da allon shago, ki shiga ciki, ki nuna abin da ke tabbatar da cewa ke ce mai wurin, kamar buɗe ƙofa da makulli ko shiga kicin. Abin da bai kamata ki yi ba shi ne buɗe sabon shafi don kin gaji. Za ki wayi gari da shafi biyu, tsohon yana ɗauke da duk taurarin yabo da kika tara daga kwastomomi da kuma lokutan ƙarya, sabon babu komai.

Bayan an warware wannan, duban kowane wata uku gajere ne. Ki buɗe "People and access" ki karanta sunaye. Wanda ya bar aiki a cire shi. Manajan da ke amsa sharhi a ba shi matsayin "Manager", ya ishe shi aiki, kuma ba zai iya korar ki ba. Ki sa wani amintacce ɗaya, mijinki ko babbar 'yarki, a matsayin "Owner" na biyu. Sannan ki tabbatar lambar wayar da Google ke turo miki lambobin shiga ta kanta tana hannunki tana aiki. Ki riƙa shiga imel ɗin kuma, domin tun Disamba 2023 Google na iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Ki zama kwastoma na minti goma

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Abin da mai shafi ke gani a wayarsa ba lallai ne ya zama abin da jama'a ke gani ba. Ki ari wayar wani da ba shi da alaƙa da shafin, ki nemi gidan abincin kamar baƙon da ya sauka a Kaduna yau.

Ki danna maɓallin kira, ki ga wayar wa za ta yi ƙara. Ba karanta lambar nake nufi ba, dannawa. Na sha tarar da lamba daidai a rubuce amma wayar tana cikin aljihun tebur babu caji, ko layin ya daɗe ba a sa masa kati ba har kamfani ya karɓe ya ba wani, ko an toshe shi lokacin haɗa layi da lambar ɗan ƙasa. Kwastoma ba zai zo ya gaya miki ba, wani wurin zai kira. In akwai mahaɗin WhatsApp na yin oda, shi ma a danna. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne barin sifirin farko. Yadda ake rubutawa, lambar ƙasa ce sai lambar waya babu sifiri, babu alamar tarawa, babu tazara:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Haka in akwai adireshin yanar gizo. Shafuka da dama da aka buɗe shekarun baya suna ɗauke da ƙaramin gidan yanar da Google ke bayarwa kyauta, mai ƙarewa da business.site. An rufe waɗannan a 2024. In naki yana nuna can, mai dannawa zai tarar da bango. Gara a sa shafinki na Instagram ko a cire. Haka ma hanyar aiko saƙo ta cikin shafin, an daina ta a ƙarshen Yulin 2024, don haka in akwai rubutun da ke cewa "ku turo mana saƙo a nan", ya zama tsohon zance.

Sai hanya. Ki danna "Directions" daga wani wuri sananne, misali daga Kawo ko daga Kasuwar Barci, ki bi layin da ido har ƙarshe. Ki juya taswirar zuwa hoton sama, ki matso sosai, ki ga jan ɗigon nan a kan rufin wa ya sauka. Adireshinmu ba ya taimakon na'ura: "bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a" mutum ne ke gane shi. Direba da ɗan acaɓa mai kai saƙo ɗigon suke bi. In yaron a gida ya zauna ya buɗe shafin, ɗigon na iya kasancewa a tsakiyar unguwa kawai. Kuma kuskuren mita talatin ma babba ne a titi mai hannu biyu da shinge a tsakiya, tunda zai ajiye mutum a tsallake, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu wurin juyawa. Ana gyarawa a "Edit profile", wajen "Location", a ja ɗigon a ɗora shi daidai bakin ƙofar da ake shiga. Na fi son a yi wannan ana tsaye a ƙofar.

A cikin wannan binciken ki lura ko sunan ya fito sau biyu. Wani lokaci kwastoma mai son alheri ne ya ƙara wurin da kansa da ɗan bambancin rubutu. In kin ga na biyu, a nemi a haɗe su ko a kai rahoton cewa maimaici ne, kada a bar shi yana raba miki jama'a.

Lokutan buɗewa, inda ƙorafinki ya fito

A nan zan daɗe, domin gidan abinci a ƙasarmu ba ya tafiya da agogo ɗaya shekara zagaye. Akwai abu uku daban a shafin, kuma rikita su ne ke haifar da irin abin da ya faru da baƙonki.

Na farko lokutan yau da kullum, Litinin zuwa Lahadi. Ki rubuta lokacin da abinci ke sauka, ba lokacin da ake buɗe ƙofa a yi shara ba, kuma lokacin da tukunya ke ƙarewa, ba lokacin da mai gadi ke kulle ƙofa ba. In tuwo ya kan ƙare ƙarfe tara, kada a rubuta goma da rabi. Ana iya raba yini gida biyu, kuma wannan ya dace da Juma'a: in kuna rufewa don salla, sai a sa, misali, 8:00 zuwa 12:30, a ƙara layi na biyu 3:00 zuwa 9:00. Ki kula da AM da PM. Na taɓa ganin shafin da ke cewa ana buɗewa takwas na dare a rufe tara na dare, saboda yatsa ya goce.

Na biyu "Special hours", na ranakun da suka fita daban: ranar Salla da washegari, Kirsimeti, 1 ga Oktoba, 12 ga Yuni, ko ranar da kuka rufe don biki. Amfaninsa shi ne ranar na wucewa shafin ya koma yadda yake da kansa. Ko ba za ki rufe ranar hutu ba, ki tabbatar da lokacin, domin in ba haka ba Google kan liƙa gargaɗin cewa lokaci na iya bambanta, mai karantawa kuma ya shiga kokwanto. "Special hours" ɗin na gajeren lokaci ne, bai wuce kwana shida a jere ba. In rufewar za ta kai mako ko fiye, kamar gyaran gini ko tafiya aikin Hajji, sai na uku, wato "Temporarily closed". Ki bambanta shi da "Permanently closed" da kyau, kada hannu ya kai can. Kuma a ranar da kuka dawo a cire alamar.

Azumi shi ne babban tarko. Wata guda ne, don haka ya fi sauƙi a sauya lokutan yau da kullum gaba ɗaya, a ce ana buɗewa bayan la'asar zuwa dare, in kuna yin abincin sahur a ƙara wannan ma. Matsalar ba a sauyawar take ba, a mayarwar take. Bayan Salla kowa ya gaji, sai shafin ya ci gaba da cewa ana buɗewa ƙarfe huɗu na yamma har tsakiyar damina, masu neman abincin rana suna wucewa. Ko akasin haka, ba a sauya ba tun farko, baƙo ya zo da rana tsaka cikin Ramadan ya tarar da kwaɗo a ƙofa. A ranar da kika sauya, a ranar za ki sa tunatarwa a waya don mayarwa.

Wannan ya sa zaman wata uku ba duban baya kaɗai ba ne. Ki ɗauko kalanda ki dubi wata uku masu zuwa. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara: a 2024 an fara 11 ga Maris, a 2025 aka fara 1 ga Maris. Ke nan a 'yan shekarun nan zaman Janairu ne zai kama shi, amma nan gaba zai koma hannun zaman Oktoba. Ranar Salla kuma sai an ga wata, ba za ki iya rubuta ta da tabbaci tun wata biyu kafin nan ba; abin da za ki yi shi ne sa tunatarwa mako guda kafin lokacin da ake tsammani. In lokacin kai abinci gida ya bambanta da na zama a ci, akwai wurin ƙara shi daban, kada a cusa su wuri ɗaya.

Abin da ba a taɓawa sai da dalili

Ga inda nake saɓa wa masu cewa a riƙa sauya komai don shafi ya zama sabo. Suna, adireshi da babban rukuni, wato nau'in kasuwancin da aka sa shafin a ƙarƙashinsa, ki duba su kowane zama, amma kada ki taɓa su in dai daidai suke. Sauya ɗaya daga cikinsu na iya sa Google ta nemi ki sake tantancewa, wani lokaci ma ta dakatar da shafin har sai an bi diddigi. Sunan ya zama daidai da abin da ke rubuce a allon ƙofa. Wani zai ba ki shawara ki ƙara "best restaurant in Kaduna" da jerin abinci a jikin sunan don ki riƙa fitowa a sama. Ya saɓa wa ƙa'idarsu, kuma maƙwabcin da ke gasa da ke yana iya kai ƙara da dannawa biyu.

Rukuni kuwa, akwai babba guda ɗaya da ƙanana har tara. Babban shi ne ya fi nauyi wajen tantance wane bincike za ki fito. In an sa miki "Restaurant" kawai, ki duba ko akwai wanda ya fi kusa da abin da kike yi. In kina dafa abincin biki da taro, ki ƙara "Caterer" a ƙanana. In kin daina wani aiki, a cire rukuninsa. In dole a gyara abu biyu manya, a yi ɗaya, a jira ya zauna, sannan a yi na biyu. Wani gyaran cikin mintoci yake fitowa, wani sai an kwana biyu, don haka kada ki yi ta maimaitawa don ba ki gan shi nan take ba.

A wannan wurin ne kuma za ki ga in Google ta sauya wani abu da kanta. Takan nuna miki alama a gefen abin, ki amince ko ki mayar. Kada ki danna amincewa da duka a dunƙule, ki karanta ɗaya-ɗaya.

Farashi da hotuna suna tafiya tare a gidan abinci, saboda yawancin tsohon farashi a cikin hoto yake ɓuya. Wani ya ɗauki hoton allon farashinku shekara biyu da suka wuce ya ɗora, yau mutum ya gani, ya zo da kuɗin wancan lokacin, a yi ta ja-in-ja da mai karɓar kuɗi. Hoton da ke kika ɗora kina iya gogewa. Wanda kwastoma ya ɗora ba ki da ikon gogewa, sai dai ki kai rahoto in ya saɓa ƙa'ida, kuma tsufa kaɗai ba ya cika sa a cire shi. Dabarar ita ce ki ɗora sabon hoton allon duk lokacin da farashi ya sauya, da kwanan wata rubuce a jikinsa baro-baro, ki kuma gyara jerin abinci a "Edit menu". In farashinki na motsi kusan kowane wata, ra'ayina ki sa kuɗi a kan manyan abinci biyar ko shida da za ki iya bibiya, maimakon abu arba'in da rabinsu zai zama ƙarya kafin zama na gaba. Hoton gaban shago da rana, wanda allo da ƙofa suka fito, ya fi hoton faranti goma amfani ga mai neman wurin. In an sake fenti ko allo, a sake shi. Bayanin kasuwa ba ya wuce haruffa 750, kuma kada a sa farashi ko rangwame a ciki. Ki karanta shi kawai ki cire abin da ya daina zama gaskiya.

Sharhin jama'a ba aikin wata uku ba ne, na mako-mako ne, amma a zaman nan ki karanta na wata ukun a jere ki nemi abin da ke maimaituwa. Mutum uku da ba su san juna ba suka ce "ba a ɗaga waya", to bayani ne, ba ƙiyayya ba. Ki amsa waɗanda aka bari, a taƙaice, ba tare da musu ba. Kada ki sayi taurari, kada ki yi alkawarin lemo kyauta ga wanda ya rubuta; haramun ne a ƙa'idar shafin, kuma in aka gano ana share su.

Yadda wani zama ya kasance

Bari in ba ki labarin wani gidan abinci mai kama da naki da na duba wa a watan Yuli. Mai wurin tana kukan cinikin rana ya ja baya, ta ɗora laifin a kan tsadar rayuwa, wanda kuma akwai gaskiya a ciki. Makullin yana hannunta, don haka muka wuce kai tsaye zuwa wayar aro. Ƙarfe ɗaya na rana, muna zaune a ciki mutane na cin shinkafa, allon waya yana cewa a rufe, sai huɗu da rabi za a buɗe. Lokutan azumi ne da aka sa a Maris. Muka danna kira, ta yi ƙara a wayar tsohuwar manaja da ta yi aure ta koma wani gari. Ɗigon taswira daidai yake, ba mu taɓa shi ba. Sunan yana da wata jela ta kalmomi da aka liƙa masa. Wannan muka bar shi sai bayan mako guda, da sauran gyaran suka zauna, sannan muka yanke ta ita kaɗai.

Sai muka buɗe "Performance", muka jera watanni. A nan ne ake gane inda ciwon yake, in an san yadda ake karantawa. Yawan waɗanda suka ga shafin bai wani sauya ba, amma masu neman hanya sun ragu tun daga Afrilu. Ma'ana ana ganin ta, ana fasa zuwa. Wannan ba matsalar fitowa a bincike ba ce, wani abu ne a fuskar shafin ke korar mutane, kuma mun riga mun gan shi. Da masu ganin ne suka ragu, da rukuni zan fara zargi, ko wani shafi na biyu, ko sabon gidan abinci da ya buɗe kusa. Adadin kira kuma bai ragu ba ko kaɗan, wanda zai iya ruɗin mutum ya ce lafiya lau. Google tana ƙirga danna maɓallin ne kawai, ba ta san ko an ɗaga ba, ba ta san wa ya ɗaga ba.

Ki samu littafi guda na wannan aikin. Kowane zama ki rubuta kwanan wata, adadin masu gani, masu kira, masu neman hanya, kalmomi uku ko huɗu da aka fi nemo ki da su, da abin da kika sauya. Kalmomin nan suna da amfani: in ana yawan samun ki da neman masa ko dambun nama alhali babu hotonsu a shafin, kin san hoton da za ki ɗauka gobe. Wajen kwatantawa kuma ki yi adalci. Watan azumi ba a auna shi da watan da ya gabace shi, da azumin bara ake auna shi, kuma littafin ne kaɗai zai ajiye miki na bara.

Akwai abin da wannan duba ba zai yi miki ba. Google ta ce abu uku take dubawa wajen jera wurare: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Na farko yana hannunki sosai, na uku kaɗan-kaɗan, na biyu babu yadda za ki yi; mai bincike daga Barnawa za a fara nuna masa na kusa da shi ne, ko da shafinki ya fi nasu tsabta. Sunayen maɓallan da na ambata ma sukan sauya wuri daga lokaci zuwa lokaci, in ba ki ga ɗaya inda na ce ba ki leƙa cikin ɗigo ukun da ke gefe. Shafin kyauta ne, saboda haka duk wanda ya kira ya ce daga Google yake, ki biya ko a rufe miki, ko ki karanto masa lambar da aka turo miki, ki kashe wayar. In kuma kika tarar an riga an dakatar da shafin, kada ki gyara komai tukuna. Ki tattara takardar rajistar kasuwa in akwai, da takardar haya ko ta wutar lantarki mai ɗauke da adireshin, da hoton allon ƙofa, sannan ki shigar da ƙorafi ta hanyar ɗaukaka ƙara da suka tanada, domin suna da adireshin da ke takardun dole su yi daidai da na shafin.